Haske Sola Ke Ci, Ba Zafin Rana Ba

Daga Lafagu zuwa Lolo da Tsamiya, har a tsallaka cikin Benin, faifan sola ya zama kayan yau da kullum. Yana kan rumfar mai cajin waya, yana kan rufin masallaci, yana bakin fadamar Kwara inda ake ban ruwa. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka zafin rana faifan ke zuƙa ya mai da shi wuta, don haka in rana ta ƙwalle a bazara sai su ce yau sola ta samu abinci. Wannan kuskure ne, kuma kuskure ne mai cin kuɗi. Haske faifan ke aiki da shi, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi.

A matsa kusa da faifan a duba. Ƙarƙashin gilashin akwai gidaje masu kusurwa huɗu, shuɗaye ko baƙaƙe, a jere kamar fangalin shinkafa, kowanne da siraran layukan ƙarfe a fuskarsa. Kowane gida ƙwayar sola ce guda, an yanko ta daga silikon, sinadarin da ake tacewa daga farin dutsen nan da ke cikin yashi. Cikin silikon, kamar cikin kowane abu, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana kiransu ilektiron. Abin da muke kira wutar lantarki ba komai ba ne illa tafiyar waɗannan ƙwayoyi cikin waya, dukkansu sun fuskanci gefe guda. A cikin silikon a ɗaure suke, kowace a gurbinta. Da haske ya faɗo, sai ya bugi wata ya fisge ta daga gurbin. Amma fisgewar kaɗai ba ta isa ba, domin in ba a yi wata dabara ba, ƙwayar za ta ɗan yi yawo ta sake faɗawa wani gurbin, ƙarfin ya tafi a banza.

Dabarar ita ce a yi wa ƙwayar sola hawa biyu. A hawa ɗaya a sa ɗan fosfaras kaɗan, wanda ke kawo rarar ilektiron. A ɗayan a sa boron, wanda ke barin guraben da babu kowa. Inda hawan biyu suka haɗu sai a samu wata iyaka mai kama da gangara, wadda ke tura duk ilektiron ɗin da haske ya kwance zuwa ɓangaren fosfaras, tana hana ta komawa. Suna taruwa a can sai siraran layukan ƙarfen nan su kwashe su zuwa waya, su ratsa ƙwan fitila ko batir su yi aiki, su zagayo ta bayan faifan su koma gida. Mai noman rani zai gane wannan da sauri: inji ya ɗaga ruwa sama, ruwa ya bi kwalbati ya gangaro yana aiki. Haske shi ne injin. Bambancin kawai, a nan ruwan ba ya ƙarewa, zagaye yake yi. Shi ya sa faifan ba ya shan mai, ba ya motsi, kuma da rana ta faɗi ya tsaya cak. Ba ya ajiye komai, ajiya aikin batir ne. Tun 1839 Bafaranshe Edmond Becquerel ya lura haske na iya haifar da lantarki, amma sai a 1954 aka ƙera ƙwayar silikon mai amfani a Bell Labs na Amurka, wadda ke mai da kusan kashi 6 cikin ɗari na hasken zuwa wuta. Na kasuwa a yau suna kusan kashi 20.

Wani zai ce, to ai da tsakar rana, lokacin da zafi ya fi tsanani, batir ya fi saurin cika. Gaskiya ne, amma dalilin shi ne a lokacin rana na bisa kai, haskenta na sauka kai tsaye. Zafin ɗan rakiya ne kawai, kuma mugun ɗan rakiya. In silikon ya yi zafi, ilektiron suna ƙara kai-komo, da yawa su sulale su koma ta iyakar nan kafin su kai ga waya. Takardar da ke manne a bayan faifan ma ta shaida. Lambar da ke gaban Pmax, a ce wat 100, an auna ta ne faifan na da ɗumin digiri 25 kacal, cikin cikakken haske. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfin ke zubewa. A Afrilu, iskar Bagudo na kai digiri 40, faifan da aka shimfiɗa kan kwano kuwa yana iya kai 65. Ƙarin digiri 40 ke nan, asarar kashi 16: mai wat 100 ya dawo wajen 84. Don haka a ɗaga shi daga jikin kwano, a bar ratar da iska za ta ratsa ta ƙasa. Haka kuma raguwar wuta a ranar hadari ba sanyin gari ya jawo ta ba, girgije ne ya tare haske.

Tunda haske ne abincin, duk abin da ya shiga tsakani ɓarawo ne, kuma a nan tsarin faifan na da wani rauni. Ƙwaya ɗaya rabin bolt da ɗan ɗori take bayarwa, komai faɗinta. Don a caja batir mai bolt 12, sai a jona kamar 36 a jere, ɗaya bayan ɗaya, a samu wajen bolt 18. Wutar dole ta ratsa kowacce, kamar shanu a ƙuntataccen burtali: in ɗaya ta tsaya, na baya duk sun tsaya. Inuwar reshen dogon yaro, ko kashin tantabara da ya rufe gida guda, yana iya durƙusar da rabin faifan, kuma gidan da aka rufe ya riƙa ɗaukar zafi har ya bar tabon ƙuna. Ƙurar hunturu ma haka take, sai dai ita a hankali take yanka. A goge da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe ko da yamma. Watsa ruwan sanyi kan gilashin da ya gasu da tsakar rana na iya tsaga shi. A ɗan karkata shi yana kallon kudu, don ruwan damina ya riƙa wanke shi.

Wannan ilimin kuma shi ke tsare aljihu a kasuwa. Hasken da ke sauka kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, wajen wat 1,000 ne in rana ta yi kyau, faifan kuma kashi ɗaya cikin biyar yake iya kamawa. Ashe mai wat 100 na gaskiya sai ya kai kusan rabin wannan fili, mai 300 kuwa ɗaya da rabi. In aka miƙo maka wanda bai wuce faifan tuwo biyu ba, an rubuta wat 300, takardar ce ta yi ƙarya. Kada kuma ka yarda don mai kaya ya sa mita ta nuna bolt 21, domin ko faifai mai rauni cikin haske kaɗan yana nuna kusan haka. A fitar da shi rana tsaka, a auna amfiya, a gwada da lambar da ke gaban Isc. Ga mai wat 100 irin na batir mai bolt 12, ya kamata ta kusanci amfiya 6.