Satifiket ɗin PMP: Shekarar Ɗaga Ƙafa Ba Kyauta Ba Ce

Da yawa daga cikinmu mun saba da takardar digiri, wadda in ka karɓa ka karɓa ke nan har abada. Takardun ƙwarewa na ƙungiyoyin sana'a ba haka suke ba, wa'adi gare su. Misalin da ya fi nuna yadda abin yake shi ne PMP, satifiket ɗin masu jagorantar ayyuka, wanda cibiyar PMI ta Amurka take bayarwa tun 1984. Injiniyoyi da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da masu neman kwangila suna shan wuya kafin su same shi, amma wasu sai su yi sake ya suɓuce musu, ba don ilimi ya ƙare ba, don dai ba a kula da kwanan wata ba.

Daga ranar da mutum ya ci jarrabawa, yana da shekara uku. A cikinsu ana so ya tara maki 60 na ƙaro ilimi, wanda ake kira PDU. Awa ɗaya ta karatu ko horo ita ce maki ɗaya. Sai dai makin ba a jibge ake karɓarsa ba. Aƙalla 35 dole su fito daga neman ilimi, wato kwas, taron ƙara wa juna sani, ko karatun littafi. Cikin waɗannan kuma sai an samu aƙalla takwas a kowane ɗaya daga fannoni uku: dabarun gudanar da aiki, iya jagoranci da mu'amala da mutane, da fahimtar harkar kasuwanci. Ragowar, wanda ba zai wuce 25 ba, ana iya samunsa ta hanyar koyar da wasu, rubutu, ko aikin sa-kai. Shi kansa aikin ofis ana lissafa shi, amma maki takwas kacal yake kawowa a duk shekara ukun, ko da kwana mutum yake yi a wurin aiki.

Tara makin kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Sai an shigar da kowane maki a shafin cibiyar mai suna CCRS, an cike takardar sabuntawa, an kuma biya kuɗi. An daɗe ana karɓar dala 60 daga mamba, dala 150 daga wanda ba mamba ba. Wanda ya halarci kwas goma bai shigar ba, a wajensu bai yi komai ba. Wanda ya cika 60 bai biya ba, shi ma bai sabunta ba. Duk wanda ya taɓa fama da katin banki ya ƙi biyan dala ya san wannan ba aikin daren ƙarshe ba ne.

To, in ranar ta zo mutum bai cika ba fa? Ba a ƙwace satifiket nan take. Ana dakatar da shi, a shafinsa sai ya ga an rubuta Suspended, kuma wannan dakatarwa tana iya kaiwa shekara ɗaya. Ita ce ɗaga ƙafar. Amma a tsawon lokacin ba shi da ikon kiran kansa mai PMP, ba a katin aiki ba, ba a takardar neman aiki ba, ba a ƙasan wasiƙa ba. In kamfaninsa ya saka sunansa cikin takardun neman kwangila a matsayin ƙwararre, mai tantancewa na iya duba rajistar cibiyar, wadda a buɗe take ga kowa, kuma masu satifiket mai rai ne ke fitowa a cikinta.

Mu ƙaddara wata injiniya ta ci jarrabawa ranar 10 ga Maris, 2022. Wa'adinta ya cika a Maris 2025, tana da maki 41: takwas na aikin ofis, 22 na dabarun aiki, takwas na jagoranci, uku na kasuwanci. Kallon farko, 19 take nema. Idan ta ɗauki kwas ɗin awa 19 duk a kan dabarun aiki, jimilla za ta nuna 60, amma ƙofar sabuntawa ba za ta buɗe ba, domin fannin kasuwanci yana nan a uku. Dole biyar daga cikin 19 ɗin su zama na kasuwanci. Sauran 14 tana da zaɓi, ban da aikin ofis, wanda ta riga ta cinye rabonta. Shi ya sa jimillar da ke saman shafi ba ita ce abin dubawa ba, kowane fanni ake bi ɗaya bayan ɗaya.

A ce ta kammala ta biya a Nuwamba 2025. An maido mata da matsayinta ba tare da jarrabawa ba, madalla. Sai dai ga abin da mutane ba su cika sani ba: sabon zagayen ba daga Nuwamba zai soma ba. Ya riga ya soma tun Maris, ranar da tsohon ya ƙare, kuma a Maris 2028 zai cika. Makin da ta tara lokacin dakatarwa tsohon bashi ya biya. Yanzu sabon 60 na jiranta, kuma shekara biyu da wata huɗu suka rage mata maimakon uku. Ni a ganina wannan ne ainihin tarar, ta fi kuɗin sabuntawa ciwo. Wanda ya yi da wuri kuwa riba yake ci, don in ya zarce 60, ana ƙetarar masa da rarar da ya samu a shekarar ƙarshe, har zuwa maki 20.

Idan kuma ta bari Maris 2026 ya wuce, shafin zai koma Expired, satifiket ya mutu. Daga nan babu adadin makin da zai tashe shi. Za ta sake cike takardar nema kamar sabuwar shiga, ta biya cikakken kuɗin jarrabawa, wanda ɗaruruwan daloli ne, sannan ta zauna ta amsa tambaya 180 cikin kusan awa huɗu. Kuma jarrabawar ba ta tsaya inda aka bar ta ba. A Janairu 2021 an yi mata babban garambawul, aka ƙara tambayoyi masu yawa kan salon aikin da ake yi daki-daki ana gyara tsari a hanya. Wanda ya ci kafin nan, in ya dawo, sabon karatu zai tarar.

Akwai ƙofofi biyu na gefe. Wanda rashin lafiya ko wani babban uzuri ya hana shi zai iya rubuta wa cibiyar, tana duba irin wannan ɗaya bayan ɗaya, kuma gara a rubuta tun wa'adi bai ƙure ba. Wanda ya bar sana'ar gaba ɗaya kuma zai iya neman matsayin mai ritaya, ya huta da tara maki.

Kada kuma a auna sauran takardu da wannan ma'auni. Satifiket ɗin CCNA na kamfanin Cisco shi ma shekara uku ne, amma babu shekarar dakatarwa, ranar da ya ƙare sai jarrabawa. Kowace ƙungiya da littafin dokokinta.

Sai maganar shaida. Cibiyar takan zaɓi wasu ta ce su kawo hujjar makin da suka shigar, don haka tana so a adana takardun halarta har wata 18 bayan zagaye ya ƙare. Kwas ɗin da aka yi aka jefar da takardarsa na iya zama makin da za a soke, lissafi ya koma ƙasa da 60.