Tikitin da ke sa manhaja ta tuna da kai

Ka shiga manhaja da kalmar sirrinka da safe, ka dawo da yamma, ba a sake tambayarka komai ba. Sau da yawa wani ɗan tikiti ne mai suna JWT ke yin wannan aiki. Hukumar IETF ce ta fitar da ƙa'idarsa a watan Mayun 2015, a takarda mai lamba RFC 7519. Sabar, wato kwamfutar kamfanin, ita ke ba ka shi bayan ta tantance ka, wayarka kuma ta riƙa nuna shi duk sanda ta nemi wani abu.

A ido, dogon layin haruffa ne da yawanci ke farawa da `eyJ`, ɗigo biyu sun raba shi gida uku. Kashin farko yana faɗin hanyar da aka bi aka sa hannu, misali `HS256`. Na biyu shi ne bayaninka:

```
{"sub":"4521","role":"user","exp":1767225600}
```

Wato mai lamba 4521 ne, ba shugaba ba ne, kuma tikitin zai mutu ranar 1 ga Janairun 2026, domin `exp` daƙiƙoƙi ne da ake ƙirgawa tun daga farkon 1970. Na uku sa hannu ne da sabar ta lissafa da mabuɗinta na sirri. In wani ya mayar da `user` ya zama `admin`, lissafin ba zai yi daidai ba, sai a ƙi tikitin.

Sai dai sa hannun canji kawai yake hanawa. Bayanin ba a kulle yake ba, an dai sauya masa rubutu da tsarin Base64url, kuma kowa na iya warware shi nan take. Saboda haka kuskure ne babba a sa lambar BVN ko kalmar sirri a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne sata. Kamar tikitin mota ne a tasha, wanda ya riƙe shi, shi ke da kujerar. In shafi ya ajiye shi a `localStorage`, duk muguwar lambar da aka cusa a shafin tana iya kwashe shi. Ko ka danna maɓallin fita, kwafin da ke hannun ɓarawo na nan da ransa har lokacin `exp` ya cika, sai fa idan sabar na riƙe da jerin tikitocin da aka soke.

Wani lokaci kuma sakacin daga sabar yake. A 2015 mai bincike Tim McLean ya nuna cewa wasu kayan aikin masu gina manhaja na karɓar tikitin da aka rubuta wa `"alg":"none"`, wato babu sa hannu sam.

Masu gina manhaja, ku taƙaita ran tikiti zuwa kamar minti 15, ku ajiye shi a kuki mai alamar `HttpOnly`, kuma ku bar sabar ta tsayar da hanyar sa hannun da za ta karɓa, kada ta bi abin da tikitin ya faɗa mata.