Inda "Wai" Ta Ɓace a Rubutun Na'ura

A Faransancin jarida, sigar aikatau ta sharaɗi takan nuna cewa labari bai tabbata ba. Hausa kuwa da "wai" ko "ana zargin" take yin wannan aiki. A nan ne manhajojin ƙirƙirar rubutu sukan yi tuntuɓe.

Misali, a ce ɗan jarida ya ba manhaja rahoton da ke zargin wani magajin gari da karkatar da kuɗi, ya nemi fassara. Tana iya rubuta "ya karkatar da kuɗin". Jimlar ta yi daidai a nahawu, amma zargi ya koma hukunci, gidan jarida kuma na iya fuskantar ƙarar ɓata suna.

Maganinsa shi ne edita ya ajiye asalin rahoton kusa da fassarar, ya bi aikatau ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: wa ya faɗa, kuma an tabbatar? Mayar da rubutun ga manhajar ba tantancewa ba ce, domin ba ta ga shaida ba.

Yarjejeniyar Paris ta 2023, wadda ƙungiyar RSF ta jagoranta, ta ɗora alhaki kan gidan jarida. Saboda haka ya kamata a sanar da mai karatu aikin da na'ura ta yi, da kuma editan da ya duba shi.