Neman aiki daga gida a ƙasar waje: yadda za ka faɗi lokacinka da gogewarka

Kamfanin da ke Landan ko Toronto, idan zai ɗauki ma'aikacin da ke zaune a Kano ko Maradi, abu biyu yake fara dubawa a takardar neman aiki. Na farko, shin wannan mutum ya taɓa yin aiki ba tare da wani yana tsaye a kansa ba? Na biyu, ƙarfe nawa za a same shi idan ana buƙatarsa? Masu nema da yawa kan amsa duka biyun da jimla ɗaya, cewa sun saba aiki daga gida kuma a shirye suke kowane lokaci. Wannan amsar ba ta gaya wa mai ɗaukar aiki komai, domin babu ɗan adam ɗin da yake a shirye kowane lokaci.

Mu fara da agogo, don nan ne aka fi yin kuskure. Duniya na auna lokutanta ne daga ma'auni ɗaya da ake rubutawa UTC. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban wannan ma'auni da awa ɗaya, shi ya sa ake rubuta lokacinsu UTC+1. Ghana na daidai da shi, Sudan kuma tana gabansa da awa biyu. Waɗannan ƙasashe ba sa taɓa agogonsu duk shekara. Amma yawancin ƙasashen Turai, da mafi yawan sassan Amurka da Kanada, kan tura nasu gaba da awa ɗaya idan zafi ya tunkaro, su mayar da shi baya idan sanyi ya shigo. Saboda haka tazarar da ke tsakaninka da su ba ɗaya ba ce a duk shekara. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan ɗaya ne da na Kano, a sauran watannin kuwa Kano ce a gaba da awa ɗaya. A Jamus abin akasin haka ne: lokacin sanyi muna tare, lokacin zafi sun wuce mu da awa ɗaya.

A ce wata matashiya a Kano mai aikin amsa ƙorafin abokan ciniki ta ga sanarwar wani kamfani a New York, an rubuta `4 hours overlap with EST`. Abin da suke nufi shi ne awa huɗu na lokacin aikinta su haɗu da lokacin aikinsu, wanda galibi kan fara ƙarfe 9 na safe. New York na bayan Kano da awa biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, da awa shida a sauran shekarar. Ke nan awa huɗun farko na ranarsu za su kama daga ƙarfe 2 na rana zuwa 6 na yamma a Kano a lokacin zafinsu, sannan daga 3 zuwa 7 a lokacin sanyinsu. Idan ta ware ƙarfe 2 zuwa 7, ta cika sharaɗin a duk shekara ba tare da ta sake tsarin gidanta ba. Abin da ya kamata ta rubuta a saman takardarta bai wuce layi biyu ba:

```
Kano, Nigeria (UTC+1, no DST)
Available Mon-Fri 14:00-19:00 UTC+1
```

Haruffan DST na nufin wancan sauyin agogo, don haka ta sanar da su cewa nata ba ya motsi. Rubuta awa da lissafin 24 kuma yana kawar da ruɗanin safe da yamma. Ya fi kyau a sa UTC+1 maimakon WAT kaɗai, domin ba kowa ne a waje ya san wannan taƙaitawa ba.

Da kamfanin a Kalifoniya yake, da lissafin ya bambanta sosai. Tazarar can awa takwas ce ko tara, don haka ƙarfe 9 na safensu ƙarfe 5 ko 6 na yammanmu ne, kuma cikakkiyar ranar aikinsu ba ta ƙarewa sai ƙarfe 1 ko 2 na dare a nan. Wanda ya ce zai iya, ya fara tambayar kansa ko zai jure hakan na wata shida, ga yara, ga tashin asuba. Alƙawari kaya ne, kuma mai ɗaukar aiki ya fi yarda da wanda ya ba da awa huɗu tabbatattu a kan wanda ya yi alƙawarin dare da rana ya kasa.

Akwai makonnin da ya kamata a yi hattara da su. Amurka da Kanada kan sauya agogo ranar Lahadi ta biyu a Maris, Turai kuwa sai Lahadin ƙarshe. A 2025 ranakun sun faɗo 9 da 30 ga Maris. Wanda ya haddace tazarar ya dogara da ita kan iya shiga taron tantancewa bayan an watse. Maganin shi ne a saita kalandar waya ko kwamfuta a kan `Africa/Lagos` ko `Africa/Niamey`, a kuma roƙi kamfanin ya aiko da gayyata ta kalanda, ita za ta yi lissafin da kanta.

Ranakun aiki ma sun cancanci a ambace su tun farko. A Saudiyya mako na aiki daga Lahadi ne zuwa Alhamis. Wanda zai yi aiki da Turai kuwa, sallar Juma'a za ta faɗo masa a tsakiyar ranar aiki, don haka ya faɗa cewa ba a samunsa daga ƙarfe kaza zuwa kaza ranar Juma'a, kuma ga lokacin da zai rama. Haka ma magariba ga mai aiki da Amurka, musamman a watan azumi. Abin da aka faɗa kafin a sa hannu tsari ne da aka amince da shi. Abin da aka ɓoye sai ya fito daga baya, shi ke jawo zargi.

Sai batun gogewa. A ƙarƙashin kowane aikin da ka yi daga nesa, rubuta cewa daga nesa ne, ka faɗi inda sauran abokan aikin suke, da yadda kuke haɗuwa. Matashiyar nan, idan ta taɓa yi wa wani shago a Legas aiki daga Kano, sai ta bayyana kimanin saƙo nawa take amsawa a rana, cikin minti nawa take mayar da amsa, da wace manhaja, ko Slack ce ko Zendesk ko WhatsApp, da kuma yadda take barin rubutaccen bayani ga wanda zai karɓe ta. Wannan na ƙarshe yana da nauyi, domin idan ana barci a can kana aiki a nan, rubutunka ne ke wakiltarka. Wanda bai taɓa yi wa ƙasar waje aiki ba kada ya ƙirƙira. Aikin sa kai, ko karatun da aka yi ta intanet tare da wasu a garuruwa dabam, gogewa ce ta gaskiya idan an faɗe ta yadda take, kuma ana iya tuntuɓar wanda ya san da ita.

Mai ɗaukar aiki na iya tambayar wuta da intanet, don haka gara ka riga shi. Faɗi abin da kake da shi: sola ce ko inbata ko janareta, awa nawa take riƙe kwamfutarka, da ko kana da layin wani kamfanin sadarwa na biyu idan na farko ya yanke. Ka gwada da kanka a daidai awannin da ka ware kafin ka rubuta adadi.

Kafin ka aika takarda ta gaba, mai karatu, ka duba garin da kamfanin yake, ka lissafa tazarar sau biyu, ta lokacin zafinsu da ta lokacin sanyinsu, sannan ka rubuta awannin da za ka iya riƙewa a duka biyun.