In Ruwan Wanke-wanke Ya Ƙi Wucewa

Gidaje da yawa yanzu suna da mazubin wanke-wanke a kicin, wanda ake kira sinki. Ran da ruwa ya tsaya a cikinsa, sai uwargida ta ce a kira mai gyaran famfo. Mu dai muna ganin a dakata tukuna, gama sau da yawa abin da ya toshe hanyar yana nan kusa, inda hannu zai kai.

In mun leƙa ƙarƙashin sinki za mu ga bututun ya lanƙwashe kamar ƙugiya, a waɗansu gidaje kuwa wani abu ne mai kama da kwalba. Da gangan aka yi shi haka, domin ruwa kaɗan ya riƙa zama a wurin, ya tare wari da kyankyasai. Amma nan ne kuma datti yake taruwa. Manja da kitsen nama suna shiga da ɗumi, su huce, su daskare a jikin bututu. Sa'an nan ƙwayar shinkafa da guntun tuwo da ganyen shayi su manne a kai. Mafi muni shi ne toka da yashin da muke goge tukunya da su, gama suna da nauyi, suna kwanta a gindin lanƙwasar.

Da fari mu gane inda toshiyar take. In sinki kaɗai ne ke jinkiri, ruwan ɗakin wanka kuwa yana wucewa lafiya, to, matsalar tana kusa. A ce an yi biki a gida, an wanke tukwanen miya guda 6, washegari ruwan da ke wucewa nan take ya koma ɗaukar minti 10. Wannan aikin maiƙo ne. Sai mu kwashe ruwan da ya tsaya da moɗa, mu zuba garin sabulun wanki cokali 2 a ramin, mu bi shi da ruwan zafi kamar lita 3, kaɗan kaɗan. Kada ya zama tafasasshe. Yawancin bututun yanzu na roba ne, tafasasshen ruwa kuwa yana sa shi laushi, har mahaɗinsa ya fara yoyo. In ya tafasa, a sirka shi da na sanyi. Mu jira minti 15, mu sāke.

In bai wuce ba, sai robar zuƙo, watau ƙoƙon roba mai sanda. Ga inda mutane suke kuskure: akwai ƙaramin rami a saman sinki, inda ruwa ke bi in ya cika. Dole a toshe shi da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba iska ta nan za ta fita, wahalar ta zama banza. A bar ruwa ya rufe bakin robar, a danna a ja da ƙarfi kamar sau 20.

Har yanzu shiru? To, sai mu kwance lanƙwasar. A sa bokiti a ƙarƙashi. Zobban da suka riƙe ta na roba ne, hannu ya isa ya murɗe su. Filaya takan fasa su. A lura da yadda siraran robobin da ke ciki suke zaune, gama in ɗaya ta ɓace ko ta karkace, yoyo ba zai tsaya ba. A kwashe dattin da waya ko tsohon buroshi, a wanke ta a waje (ba a sinkin da aka kwance ba, ko da yake hannu yakan yi saurin kai wa can). A mayar, a buɗe famfo, a shafa busasshen tsumma a mahaɗin a ga ko ya jiƙe.

Waɗansu sukan haɗa bakin soda da ruwan tsami. Kumfa yake yi mai ban sha'awa, ba ya cutarwa, amma ba ya narkar da daskararren kitse. Sodar da ake haɗa sabulu da ita kuwa, da ruwan batir, ba mu yarda a kawo su kusa ba. Suna ƙone fata, suna makantar da ido, in kuma suka tsaya a bututu, wanda ya zo kwancewa shi za su zubo wa. In an riga an zuba, kada a sa robar zuƙo, a kuma gaya wa mai gyara kafin ya taɓa.

Amma in mun kwance mun tarar lanƙwasar ba kome, ko ruwa yana dawowa ta rariyar ɗakin wanka sa'ad da aka zuba a kicin, toshiyar tana can gaba. Mu duba inda bututun ya fita bayan ɗaki, ko ganye da leda sun rufe shi. In nan ma a buɗe yake, watakila bututun ƙasa ne, ko kwatamin ya cika, musamman da damina. Wannan kam sai mai gyaran famfo, da doguwar wayarsa.