Inda Kafaɗa Ta Tsaya, Nan Hannu Ke Tashi

Sau da yawa mutum zai karɓo sabuwar shat daga wurin tela, ya miƙa hannu zai gaisa, sai ya ga hannun rigar ya gudu ya bar tsintsiyar hannunsa a waje. Nan da nan sai ya ce tela ya ci yadi. Galibi ba haka ba ne, tun daga awon kafaɗa aka yi ɓatan kai.

Ta baya ake auna kafaɗa, domin bayan mutum ya fi gabansa faɗi, kuma shi ne ke buɗewa idan an miƙa hannu. Mai riga ya tsaya yadda ya saba, hannuwa a sake, ban da banƙaro ƙirji kamar sabon kurtu. Tela ya laluba ƙashin da ke ƙarshen kafaɗa, inda hannu ya fara gangarawa, ya ɗora bakin tef a nan. Sai ya bi da shi ta kan ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya idan an sunkuya, har zuwa ɗaya ƙashin. Tef zai ɗan lanƙwasa, a bar shi haka.

Daidai inda awon kafaɗa ya tsaya, nan awon hannu zai tashi, shi ya sa gwanaye ke ɗiga alli a wurin. Mai riga ya ɗan tanƙwara hannu, tef ya bi ta bayan gwiwar hannu zuwa ƙashin tsintsiya. Wanda aka auna hannunsa a miƙe sambal, rigarsa za ta gaza.

A ce kafaɗar mutum inci 18 ce, hannunsa 25. Rabin kafaɗa 9, a haɗa da 25, ya zama 34 daga tsakiyar wuya zuwa tsintsiya. Wannan ita ce lambar da ake gani a wuyan wasu shat na kanti, kamar 16 da 34: wuya 16, hannu 34. To, idan tela ya auna ta gaba ya samu 17, rabi ya koma 8 da rabi. Ko da hannun ya cika 25 cif, rigar ta rasa rabin inci a kowane gefe, ga baya yana ɗamewa, yadi na jan layi daga hammata zuwa hammata. Idan kuma awon ya zarce, ɗinkin kafaɗa zai zubo kan damtse.

Mata da yawa ba sa tsayawa awo, bulawus suke aikawa a auna. Tela ya kife ta a kan tebur, ya auna bayanta daga ɗinki zuwa ɗinki. Ke kuma Hajiya, ki aika wadda ta zauna miki daidai a kafaɗa, kada ki aika mai roba, domin awonta ba ya aiki a kan atamfa.