Kafin na'ura ta karanta rasit ɗin da ya kwana a aljihu

Duk wanda ya taɓa riƙe lissafin shago ya san irin takardar nan: siririn rasit da injin POS ko injin kanti ke tofowa, wanda yaron shago ya dunƙule ya cusa a aljihu tun safe. Da yamma a warware shi a kan benci, a ɗauke shi hoto da waya a ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya, inuwar hannun mai ɗauka ta rufe rabinsa. Idon mutum zai karanta shi ba wata wahala. Manhajar da ke mayar da hoton rubutu zuwa haruffa, wadda ake kira OCR, ita kam sai ta rikice, a ce ba ta da kyau. Sau da yawa laifin ba nata ba ne. Hoton ne ba a gyara mata ba, kuma gyaran yana da tsari, wani aiki kafin wani.

Mu ɗauki rasit guda mu bi shi. Faɗinsa milimita 58, tsawonsa kamar 140. Irin wannan injin ba ya amfani da tawada, zafi ne ke baƙanta fuskar takardar, ɗigo 8 a kowace milimita, kuma harafin da ya saba bugawa bai wuce milimita 3 a tsaye ba. Tesseract, manhajar karatu ta kyauta wadda kamfanin HP ya fara ginawa a 1985 aka sake ta ga jama'a a 2005, ta fi jin daɗin hoto mai ɗigo 300 a kowane inci. A wannan ma'auni rasit ɗinmu zai zama ɗigo 685 a faɗi, wajen 1650 a tsawo, harafi kuma kusan ɗigo 35.

Aikin farko shi ne miƙar da takardar. Wayar da aka riƙe a karkace tana sa ƙasan rasit ya fi samansa faɗi, kamar yadda titi ke tsukewa can nesa. Sai a nemo kusurwoyi huɗu na takardar, a ba wa `getPerspectiveTransform` da `warpPerspective` na OpenCV su shimfiɗa ta a kan wancan awo na 685 da 1650. Matsalar ita ce gano kusurwoyin: farar takarda a kan farin tebur ba ta da iyakar da na'ura za ta gani, ga shi kuma ƙasan rasit yagaggen baki ne da shi. Idan an ga haruffa sun fito a matse ko a miƙe kamar roba, to kusurwa ɗaya ce aka kama ba daidai ba.

Ko bayan haka akan bar ɗan karkata, kuma a rasit ɗan karkata ba ƙaramin abu ba ne, domin sunan kaya yana can hagu, kuɗinsa yana can dama, tsakaninsu fili. Rubutun ya mamaye wajen ɗigo 570. Karkatar digiri 3 kacal tana sauko da ƙarshen layi da ɗigo 30, kusan tsayin harafi guda, sai kuɗin sukari ya gangara kusa da layin sabulu. Ana gano karkatar ta hanyar juya hoton kaɗan-kaɗan ana ƙirga baƙaƙen ɗigo a kowane jeri. Inda layukan rubutu da filin da ke tsakaninsu suka fi rabuwa sarai, nan ne daidai.

Inuwa ce ta fi ba ni sha'awa, don a nan ne aka fi yin kuskure. A hoto mai launin toka kowane ɗigo yana da lamba daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. A ce a ɓangaren da haske ya samu takardar tana 210, rubutun da ya fara dusashewa yana 110. A cikin inuwar hannu takardar ta sauko 90, rubutun 45. Duba da kyau: farar takarda a inuwa ta fi rubutun da ke cikin haske duhu. Hanyar Otsu ta 1979, wadda ke zaɓar iyaka ɗaya ga dukkan hoto, ba ta da mafita a nan. In ta sa iyakar a 150, rabin rasit zai koma baƙi gaba ɗaya. In ta sauko 70, rubutun ɗaya rabin zai ɓace.

Dabarar ita ce a ƙiyasta yadda takardar za ta kasance da ba rubutu a kanta, inuwa kawai, sannan a raba hoton da wannan ƙiyasi.

```python
k = np.ones((25, 25), np.uint8)
fage = cv2.morphologyEx(toka, cv2.MORPH_CLOSE, k)
fage = cv2.medianBlur(fage, 31)
gyara = cv2.divide(toka, fage, scale=255)
```

Layi na biyu yana shafe duk wani baƙi da bai kai ɗigo 25 kauri ba, wato haruffa, ya bar inuwa. Bayan rabawa, 110 cikin 210 ya zama 0.52, 45 cikin 90 ya zama 0.5, takarda kuma ta zama 1 ko'ina, kafin `scale=255` ya mayar da lambobin kan ma'aunin 0 zuwa 255. Rubutun ɓangarorin biyu ya dawo ɗaya. Amma lambar nan 25 tana da sharaɗi: in an rage ta ƙasa da kaurin harafi, cikin manyan haruffa zai fito rami-rami, kuma ko a 25 ɗin, tambarin kanti ko baƙin zanen da ya fi ta kauri zai wanke. Inuwa mai kaifin baki takan bar siririn layi a gefenta, wanda na'ura za ta iya ɗauka alamar rubutu ce.

Sai lanƙwasa, wadda ta fi duka taurin kai, domin ɓarna biyu take yi. Ta farko tana karya layi, rabinsa ya hau rabinsa ya sauka. Wannan tana gyaruwa: a yanka hoton gunduwa-gunduwa, a bi gindin kowane layi a miƙar da shi, ko a ba wa irin manhajojin da aka horar da hotunan takardu masu lanƙwasa, kamar DocUNet ta 2018. Ta biyu ita ce inda ninkin ya goge fuskar takardar ko ya ɓoye rubutu a cikin kwarinsa. Abin da kyamara ba ta gani ba, babu lissafin da zai dawo da shi, kuma manhajar da ta cike gurbin da hasashe ta fi wadda ta bar shi fanko haɗari.

A rasit ɗinmu ninki ya bi ta gefen hagu na lambar 8 ya cinye shi, sai 2,800 ta fito 2,300. Babu alamar kuskure a fuskarta. Abin da ke tona ta shi ne lissafin rasit ɗin kansa: kwali 3 aka saya, jimlar layin ta ce 8,400, alhali 3 sau 2,300 bai wuce 6,900 ba. Inda aka buga harajin VAT, wanda a Nijeriya ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, shi ma shaida ne na biyu. A ganina duk manhajar da ba ta yin wannan bincike, ta tsaya ta nuna wa mutum layin da bai daidaita ba, bai kamata a miƙa mata littafin shago ba.

Mai ɗaukar hoto kuwa, rabin aikin yana hannunka. Kada ka kuskura ka sa wa rasit dutsen guga don ya miƙe, zafi zai mayar da shi baƙi gaba ɗaya. Danne shi cikin littafi na ɗan lokaci, ka shimfiɗa shi a kan abu mai duhu kusa da ƙofa ko taga, ka riƙe wayar a samansa sosai yadda kusurwoyin huɗu za su fito. Kuma ka ɗauka ranar da aka ba ka shi, domin rana da zafin aljihu suna cin rubutun irin wannan takarda tun kafin ka tuna da ita.